Babi na uku: rubuta gwajin bagaruwa yadda wani zai iya maimaita shi

"Assalamu alaikum Dakta. Ina digiri na biyu a fannin nazarin ƙananan halittu a nan Kaduna, na gwada jiƙon bagaruwa a kan ƙwayoyin cuta iri 2. Mai jarrabawa daga waje ya ja jan biro a babi na uku, ya ce babu wanda zai iya maimaita aikin da abin da na rubuta. Ga ma'anar abin da na sa: an samo bagaruwa a Kaduna, an shanya a inuwa, an daka, an jiƙa a itanol, an gwada ta hanyar huda rami a aga kamar yadda masu binciken baya suka yi, da ɗan gyara, an yi gwajin sau 3. Haka na ga na gaba da ni sun rubuta. Ta ina zan fara gyara?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Ki fara da rufe kundayen na gaba da ke, ki ɗauko littafin da kike rubutu a ciki lokacin da kike tsaye a ɗakin gwaji, wanda itanol ya ɗiga a kansa, shafukan suka yi tabo. Ki haɗa da hotunan da ke cikin wayarki, domin kowane hoto yana ɗauke da ranar da aka ɗauke shi, wani lokaci har rubutun jikin kwalba yana fitowa. Daga waɗannan za ki sake gina babin. Mai jarrabawar nan ya yi miki gata, domin gara a faɗa miki yanzu da a ce mujalla ce ta dawo miki da aikin bayan wata 6.

Abin da yake faruwa da ke yana faruwa da kusan kowa, kuma ba lalaci ne ya kawo shi ba. Wanda ya yi aiki da hannunsa wata da watanni, abubuwan da ya saba da su sukan ɓace masa daga gani. Ke kin san da wane mahudi kika huda ramukan, domin shi kaɗai ne a cikin durowar, saboda haka bai zo miki a rai ki rubuta faɗinsa ba. Wadda za ta karanta aikinki a Sakkwato ko Ibadan tana da mahudai 4 a gabanta, kuma babu ke a kusa balle ta tambaya. Ita za ki riƙa rubuta wa: ta san fannin kamar yadda kika san shi, ba sai kin koya mata kunna inkubeta ba, amma ba ta taɓa shiga ɗakin gwajinku ba. Duk wurin da za ta tsaya ta ce "nawa?" ko "wanne?" ko "har yaushe?", a nan babinki yake da rami.

Bagaruwar da kika jiƙa

"An samo bagaruwa a Kaduna" bai gaya mata komai ba. Da farko, wane ɓangare ne? Bagaruwa tana da ganye, da ɓawon jiki, da saiwa, da 'ya'ya, kuma ba ƙarfi ɗaya gare su ba. 'Ya'yan su ne majema suke jeme fata da su, saboda sinadarin tanin da ya yi yawa a cikinsu, kuma shi wannan sinadari yana da hannu sosai a abin da kika gani a farantanki. Idan 'ya'yan kika yi amfani da su, ɗanye ne kore ko busasshe da ya yi baƙi? Kin cire ƙwallayen ciki kafin daka ko da su kika daka? Wanda ya daka da ƙwallo, giram 50 ɗinsa ba giram 50 ɗinki ba ne, domin wani kaso na nauyin ƙwallo ne.

Sai inda aka samo. Idan daga bishiya kika tsinko, rubuta unguwa da ƙaramar hukuma, da wata da shekara, da adadin bishiyoyin da kika tsinka a kansu. Wayarki tana iya ba ki lambobin taswira na wurin, ki sa su. Idan kuwa a kasuwa kika saya wajen masu kayan gargajiya, ki faɗi haka ɓaro-ɓaro, da sunan kasuwar da watan da kika saya. Na sha ganin ɗalibai suna jin kunyar wannan, sai su rubuta cewa sun tsinko a daji. Babu abin kunya a kayan kasuwa, shi ne ma abin da mutane suke sha. Illa dai ba a san tsawon zamansa a buhu ba, kuma mai karatu yana da haƙƙin sanin haka. Bayan wannan ki sa sunan kimiyya, Vachellia nilotica, wanda tsofaffin littattafai suke kira Acacia nilotica, da inda aka tantance miki ita, da lambar samfurin da aka ajiye. Da yawa daga cikinmu a nan ma'adanar busassun tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya muke kai wa. Lambar nan ita ce shaidar da za a koma wa in wani ya yi shakkar ko bagaruwa ce da gaske.

"An shanya a inuwa" yana buƙatar kwanaki da yanayi. Ke kin san inuwar Kaduna a watan Janairu, lokacin da hunturu yake fasa leɓe, ba ita ce inuwar watan Agusta ba, lokacin da wanki yake kwana 2 a kan igiya bai bushe ba. Kwana 7 a hunturu ya isa ya busar da abin da zai yi fumfuna a damina. Hanyar da ta fi ita ce a ce an shanya har nauyi ya daina raguwa, wato an auna sau 2 a jere, kwana ɗaya tsakani, ba a ga bambanci ba. In haka kika yi, rubuta. In ba haka kika yi ba, rubuta kwanakin da watan kawai. Wannan gargaɗi ya shafi kalmar "zafin ɗaki" duk inda ta fito a babinki. Ɗakin da babu na'urar sanyaya iska a watan Maris da Afrilu yana haura digiri 30, alhali mai karatu a ƙasar sanyi zai ɗauka kina nufin 20 zuwa 25.

Jiƙon da abin da ya fito

A jimlarki ta jiƙo akwai lambobi 4 da suka ɓace: nauyin gari, yawan itanol, ƙarfin itanol, da tsawon jiƙo. Ƙarfin shi ne wanda aka fi mantawa, kuma yana canza abin da ake tatsowa, domin itanol zalla da wanda aka sirka da ruwa zuwa kashi 70 cikin 100 ba sinadarai iri ɗaya suke janyowa daga garin ba. Ki faɗi kuma ko ana girgiza kwalbar, da abin da kika tace da shi, da yadda kika busar da abin da kika tace. A busarwar nan ake yawan yin ɓarna. Wanda yake da na'urar da ke tsane ruwa a digiri 40 da wanda ya ɗora kwano a kan tukunyar ruwan zafi har ya kusa tafasa, duka biyun za su rubuta "an busar", amma zafi mai yawa yana iya lalata wasu sinadarai. Ki rubuta na'urar da digirin.

Ga yadda sakin layin zai kasance. Lambobin misali ne, ki musanya su da naki, ki kuma mayar da shi Turanci yadda kundinki yake:

"An cire ƙwallayen busassun 'ya'yan bagaruwa, aka daka ɓawon a turmi, aka tankaɗe da rariya mai ido milimita 1. An jiƙa giram 50 na garin a mililita 500 na itanol mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, a kwalba mai murfi, tsawon awa 72, ana girgizawa da hannu sau 2 a rana, zafin ɗakin yana tsakanin digiri 27 da 31. An tace da takardar Whatman lamba 1, aka busar a tukunyar ruwan ɗumi a digiri 45 har nauyi ya daina raguwa. An sami giram 6.2 na busasshen jiƙo, wato kashi 12.4 cikin 100 na nauyin garin. An ajiye shi a firiji, digiri 4, tsawon kwana 9 kafin gwaji."

Ki lura da jimlar giram 6.2. Wasu suna kai ta babin sakamako, ba laifi, amma lalle ta kasance a wani wuri. Ita ce za ta nuna wa mai maimaitawa tun da wuri ko tana kan hanya. In ta bi matakanki ta sami giram 2, ta san akwai abin da ya bambanta, sai ta tsaya ta bincika kafin ta ɓata farantai.

Faranti, inda ƙaramin abu yake canza sakamako

A nan nake so ki fi daɗewa, domin abin da kike aunawa a ƙarshe, wato faɗin da'irar da ƙwayoyin suka kasa tsirowa kewaye da rami, ba ƙarfin bagaruwa kaɗai yake nunawa ba. Tsere ne tsakanin jiƙon da yake bazuwa cikin aga, wato daskararren abincin da ake renon ƙwayoyi a kansa a faranti, da ƙwayoyin da suke hayayyafa. Duk abin da ya ba ɗayansu rata, da'irar za ta canza.

Fara da ƙwayoyin. Na asibiti ne da aka ware daga marasa lafiya, ko na ma'auni ne masu lamba, irin su Staphylococcus aureus ATCC 25923 da Escherichia coli ATCC 25922? Masu lamba kowa zai iya samun irinsu sak. Na asibiti kuwa babu wanda zai sami irin naki, saboda haka ki faɗi daga wane irin samfuri aka ware su, fitsari ko ciwo ko jini, da gwaje-gwajen da aka tabbatar da su, da lambar takardar izinin kwamitin ɗa'a. Sai yawansu. Ƙa'idar da aka saba ita ce a daidaita gurɓatar ruwan ƙwayoyin da ma'aunin McFarland 0.5, wanda yake kusan ƙwayoyi miliyan 150 a kowace mililita, a kuma shafa a faranti cikin minti 15. Ki faɗi yadda kika daidaita: da ido ne, kina kwatanta kwalabe biyu a gaban farar takarda mai baƙin layi, ko da na'urar auna haske? Da ido ma ya halatta, amma a rubuta. In ruwan ya yi kauri, ƙwayoyi sun yi yawa, da'ira za ta tsuke. In ya yi tsararo, za ta buɗe, bagaruwa ta sami yabon da ba nata ba.

Aga ma haka. Ki rubuta irinta, yawanci Mueller-Hinton, da kamfanin da ya yi ta, da yawan da aka zuba a kowane faranti. Kaurin da ake nema milimita 4 ne, wanda a faranti mai faɗin milimita 90 yake cin kusan mililita 25. Na san halin da ake ciki: gwangwanin aga yana da tsada, ɗalibi daga aljihunsa yake saya, sai ya riƙa zuba mililita 15 domin ta isa. Wannan yana ba da kauri wajen milimita 2 da rabi. A siririyar aga jiƙon ba shi da wurin nutsewa ƙasa, sai ya bazu gefe, da'ira ta fito da girma. In haka kika zuba, haka za ki rubuta.

Bari in ba ki abin da ya faru a gabana. Shekarun baya wata ɗalibata ta so ta ɗora aikinta a kan na wani da ya gama kafin ta, tsiro ɗaya, ƙwayar cuta ɗaya, ƙarfin jiƙo ɗaya, miligiram 100 a kowace mililita. Shi ya rubuta da'ira ta milimita 18, ita tana samun 9 ko 10. Ta sake jiƙo sau 2, ta zo ofishina idonta ya yi ja, tana ganin hannunta ne ba shi da kyau. Da ƙyar muka same shi a waya. Ashe shi yana auna da'irar daga baki zuwa baki har da ramin, wanda faɗinsa milimita 6 ne, ita kuwa tana cire ramin. Ga milimita 6 nan sun fito. Sauran kuma, shi maikirolita 100 yake zubawa a rami, ita 50. Ƙarfin jiƙo ɗaya ne a takarda, amma shi miligiram 10 yake sa wa a rami, ita 5. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Jimla 2 da ba a rubuta ba su suka ci mata kusan wata 2 da kuɗin itanol.

Saboda haka sakin layinki na faranti ya ƙunshi faɗin mahudi, da adadin ramuka a faranti ɗaya, da maikirolita nawa aka zuba, da abin da aka narkar da busasshen jiƙon a ciki. In DMSO ne, kashi nawa cikin 100? Shi wannan ruwan zalla, ba tare da jiƙo ba, dole ya sami raminsa, domin a tabbatar ba shi ne yake hana ƙwayoyin tsirowa ba. Maganin asibitin da kika kwatanta da shi ma a faɗi sunansa da adadinsa. Akwai kuma matakin da kusan ba a rubutawa: bayan an cika ramuka, ana barin faranti a kan tebur ko a firiji na ɗan lokaci kafin a kai inkubeta. A wannan lokacin jiƙon yana tafiya, ƙwayoyin ba su kama hayayyafa sosai ba, saboda haka minti 30 da awa 2 ba za su ba da da'ira ɗaya ba. A ƙarshe digirin inkubeta da awoyi, da abin da aka auna da shi, da ko an haɗa da faɗin ramin.

Maganar inkubeta ba ta cika sai an yi maganar wuta. Kowa yana rubuta digiri 37 na awa 24. Amma in an ɗauke wuta da tsakar dare ba a tayar da janareto ba sai da safe, farantanki ba su ga digiri 37 na awa 24 ba. Ki tambayi ma'aikacin ɗakin gwajinku, su ne suka san dare nawa aka kwana babu wuta. In farantan da abin ya shafa kin zubar da su kin sake, ki faɗi haka a jimla ɗaya. In da su kika yi lissafi, wannan ma ya shiga babin.

"Da ɗan gyara" da "sau 3"

Waɗannan kalmomi biyu su ne na tabbata suka fi tsone wa mai jarrabawar ido. Ba laifi ba ne a jingina hanya ga aikin da aka buga, amma sai kin buɗe wannan aikin da kanki kin ga matakan suna ciki. Sau da yawa za ki bi sawu ki tarar shi ma ya ce "kamar yadda wane ya yi", shi wanen ma ya tura ki ga wani, har ki kai ga takardar da ba ta da alaƙa da ramuka a aga. Shi kuma gyaran, shi ne ainihin abin da babu wanda ya sani sai ke. Ki rubuta shi da sunansa: su sun yi amfani da mahudi mai milimita 8, ke mai 6; su metanol, ke itanol. Ni shawarata, tun da kundin digiri ne kuma babu mai ƙayyade miki shafi, ki rubuta matakan duka, sannan ki ambaci tushen.

"Sau 3" tana da ma'ana 3. Ko ramuka 3 a faranti ɗaya, ko farantai 3 a ranaku daban da sabon ruwan ƙwayoyi, ko jiƙo 3 da aka haɗa daban-daban tun daga gari. Na farko yana nuna daidaiton hannunki ne kawai. Na ƙarshe shi ne yake magana a kan bagaruwa. Kowanne kika yi, ki kira shi da sunansa, kada ki bar mai karatu ya zaci mafi ƙarfin. A teburin sakamako kuma ki bayyana abin da lambar da ke bayan alamar ± take nufi, SD ce ko SEM, domin SEM kullum ta fi ƙanƙanta kuma tana sa sakamako ya yi kamar ya fi tsabta. Ki sa sunan manhajar lissafi da lambar fitowarta, da gwajin da kika yi a cikinta.

Abin da ba ki rubuta ba a lokacin

Za ki iske wurare da littafinki bai ce komai ba. Wasu ana iya farfaɗo da su: mahudin yana nan a durowa, ki je ki auna shi, gwangwanin aga da kwalbar itanol wataƙila suna kan kanta, ki kwafi abin da ke jikinsu. Wasu kuwa sun tafi, kamar zafin ɗaki a ranar jiƙo. A nan jarrabawar take, domin abu ne mai sauƙi ki buɗe littafin koyarwa ki kwafo lambar da ta dace ki cike gurbin. Ina roƙonki kada ki yi. Lambar da aka ƙirƙira ta fi gurbi illa, domin gurbi yana sa mai karatu ya yi hattara, ita kuwa lambar tana sa ya amince ya bi ta. Ki rubuta cewa ba a auna zafin ɗakin ba, an yi jiƙon a watan kaza. In abin da ya ɓace babba ne, kamar yawan abin da aka zuba a rami, kuma kina da ragowar jiƙo a firiji, ki sake gwajin da ƙwayar cuta iri ɗaya kina rubuta komai. Kwana 3 zuwa 4 ya isa, ki kuma faɗi tsawon zaman da jiƙon ya yi a ajiye.

Ki sani kuma, ko babin ya cika ya batse, wadda ta bi shi ba lalle ta sami milimita ɗinki daidai ba. Bagaruwar Kaduna da ta Katsina ƙasa da ruwan sama sun bambanta su, kuma ita hanyar rami a aga ta gwajin farko ce, ba ta da tsayayyun ƙa'idoji irin na faifan maganin asibiti. Abin da babin zai ba ta shi ne, in ta ga bambanci, ta san daga tsiron yake, ba daga mahudi ko kaurin aga ba.

In kin gama rubutawa, kada ki kai wa malaminki tukuna, domin shi ma ya san ɗakin gwajin, idonsa zai cike guraben da kansa. Ki nemi abokiyar karatu da ba ta ga aikinki ba, ki ba ta babin da biro, ki ce ta rubuta takardar sayayya da jadawalin aiki daga abin da ta karanta: lita nawa na itanol za ta saya, farantai nawa, giram nawa na aga, me za ta yi ranar farko da ta huɗu. Ki zauna kusa da ita amma kada ki amsa mata da baki. Duk tambayar da ta yi, ki rubuta a gefen shafi, amsar ta shiga babin. Sannan ki kwatanta adadin farantan da ta lissafa da wanda kika yi amfani da shi a zahiri. In ta ce 18 alhali kin ci 36, ki koma sakin layin maimaici da na adadin ramuka, yawanci a can jimlar da ta ɓace take. Allah ya ba da sa'a.